Yadda ake zaɓen mai da mazubin soda don sana'ar sabulu a gida

Yawancinmu a Kano da ƙa'ida ɗaya muka fara: awo biyu na mai, awo ɗaya na ruwan soda, a juya har ya yi kauri. Ni ma da ita na fara, ta kuma yi mini aiki na watanni. Sai wata rana man da na saba saye ya yanke a kasuwa, na soya manja na zuba a madadinsa da awon da na saba. Sabulun ya fito fari tas, ya yi tauri da wuri, har na yi murna. Da na zo yanka shi sai ya riƙa dagargajewa a bakin wuƙa, wanda na ba ƙanwata ta gwada kuwa sai da ya saɓule mata fatar yatsu. Ba a sodar laifin yake ba. Kowane mai akwai iyakar sodar da yake iya ci, ni kuwa na canja mai ban canja lissafi ba. Wannan bayani na sabulun sanyi ne, wato wanda ake haɗawa da kostik soda a zuba a mazubi ba tare da an dafa ba.

Kayan da za ki tanada

Sikeli na lantarki mai auna giram ɗaya-ɗaya, wanda zai ɗauki kilo 5. In kuɗinki na abu ɗaya ne, shi za ki fara saye.

Jug ɗin roba mai kauri mai cin lita 1 zuwa 2, na jiƙa soda kaɗai. Bokitin roba mai cin lita 5 na haɗi. Ƙaramin kofin roba busasshe na auna garin soda. Dogon cokalin sitenles, wato ƙarfen nan da ba ya tsatsa, ko ludayin roba mai kauri. Tukunyar narka mai. Ƙyallen tata mai tsabta. Mazubin sabulu da leda ta shimfiɗawa a ciki.

Safar hannu ta roba mai kai wa gwiwar hannu, tabarau mai rufe gefen ido, takunkumi, riga mai dogon hannu, da takalmi rufaffe. Silifa ba ta shiga wannan aiki. Ki ɗaure mayafinki ta baya ko ki sa hula, domin bakin gyale yana iya faɗawa cikin jug ya janyo shi.

Sai littafi da biro. Duk tukunyar da kika haɗa ki rubuta ranar, man da kika sa, da inda kika saye shi.

Mataki na 1: Ki yanke shawarar sabulun da za ki yi

Na wanki ko na wanka? Kafin ki shiga kasuwa ki amsa wannan, don ba mai ɗaya suke so ba. Na wanki ana so ya yi kumfa da yawa ya cire maiƙo, ba a bar masa rarar mai sosai, wato man da soda ba ta ci ba. Na wanka ana so ya wanke jiki bai bar fata tana ja ba, musamman a hunturunmu da ƙafa ke faso. Misalin da zan bi da ke har ƙarshe na wanka ne, na mai kilo 1.

Mataki na 2: Ki san aikin kowane mai

Ni kashi uku nake raba su a kaina.

Akwai masu ba sabulu jiki, su ne manja da kitsen shanu. Su ke sa shi tauri ya daɗe a bayi bai narke ba. Kumfarsu mai laushi ce, ba ta da yawa. Su ne ginshiƙi, kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na man duka.

Akwai masu kumfa, su ne man ƙwallon kwakwar manja, wanda masu sayar da kemikal ke kira fi-ke-o, da kuma man kwakwa. Fi-ke-o asalinsa ɗaya da alayyadi, sai dai alayyadin da iyayenmu ke shafa wa yara baƙi ne mai ƙauri saboda da wuta ake fitar da shi, wannan kuwa inji ke matse shi, launinsa rawaya-rawaya ne mai haske. Shi ke kawo kumfar nan da mai saye ke dubawa tun kafin ta duba komai, ko da ruwan burtsatse mai kashe kumfa ne. Amma yana kwashe maiƙon fata. A sabulun wanka ba na wuce kashi 30, a na wanki kuwa za ki iya kai shi 60 ko fiye.

Sai masu laushi: man gyaɗa, man riɗi, man zaitun, man waken suya. Suna sa sabulu ya yi daɗi a jiki, amma in sun yi yawa sabulun ba ya saurin tauri, kuma su ne masu fara lalacewa. Bayan wata biyu ko uku sai ki ga ɗigo-ɗigo ruwan lemo a jikinsa yana warin tsohon mai. Zafin Afrilu da Mayu a nan, da kan haura digiri 40, yana gaggauta wannan. Shi ya sa nake tsayar da man gyaɗa a kashi 15, man waken suya kuwa ba na kai shi haka. Man zaitun ya fi su jure ajiya, sai dai kuɗinsa ba zai bar ki ki ci riba a kan mai sayen unguwa ba.

Man kaɗe a gefe nake ajiye shi. Akwai wani kaso a cikinsa da soda ba ta taɓawa, shi ke zama a sabulun yana tausasa fata. Kashi 10 ya isa. Na san masu zuba shi da yawa don su rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a takarda, sai sabulun ya fito ba kumfa, mai saye kuma ba ta dawowa.

Bazilin da man jarirai na kanti ba sa zama sabulu ko kaɗan, domin daga man fetur aka samo su. Kada ki lissafa su cikin mai.

Mataki na 3: Sayen mai da gwada shi

Manja na fi saye a kasuwar Galadima, kaɗe a Kurmi, fi-ke-o da soda a wajen masu kemikal na Sabon Gari. Ko ina za ki je, ki fara da lita ɗaya, ki gwada, sannan ki koma wa jarka.

Fi-ke-o shi ne aka fi yi wa gauraye. Gwajinsa mai sauƙi ne. Na gaske yana daskarewa in zafi ya sauko ƙasa da digiri 25 ko kusa da haka, shi ya sa da asubahin Janairu za ki tarar da shi ya kama a jarka. Ki zuba kaɗan a kofi ki sa a firji, ko ki jingina shi da ƙanƙara, na awa ɗaya. In ya daskare fari, da tauri, bai rabu ba, to madalla. In yatsa yana nutsewa a ciki kamar man shanu, ko wani ruwan mai ya kwanta a sama, an sirka shi da wani abu. Na taɓa mayar da irin wannan. Na ce wa mai shagon, "Alhaji, man nan fa bai kama ba." Ya ce, "Hajiya, zafin gari ne." Na buɗe kular da na zo da ita na nuna masa kofin a kan ƙanƙara, ya karɓa ya canja mini.

Manja kuwa ki shinshina, sannan ki sa sanda mai tsabta ta kai gindin jarkar. Abin da kike nema shi ne ruwa da laka da suka kwanta a ƙasa, don a farashin mai za ki biya su, kuma za su ɓata miki awo. Ki ɗiga kaɗan a cokali ki kanga a wuta: in yana tartsatsi, da ruwa a ciki. Manjan da ya kwana biyu har ya daina daɗin miya yana yin sabulu, sai dai yana sa haɗi ya yi kauri da sauri, don haka mazubinki ya zama a shirye kafin ki zuba soda. Wanda yake wari kuwa ki bar shi, turare ba ya rufe shi.

Akwai wani abu game da manja da ba a cika faɗa wa sababbi ba. In ya zauna yakan rabu biyu, mai ruwa a sama, mai kauri a ƙasa. In kika riƙa ɗiba daga sama, tukunyar farko za ta fito da taushi, ta ƙarshe ta fito da tauri tana tsagewa, alhali jarka ɗaya ce. Ki ajiye jarkar a rana ta narke duka, ki girgiza sosai, sannan ki auna.

Ɗanyen manja yana ba sabulu launin lemo, kumfarsa ma takan yi rawaya ta taɓa farin tawul. In kina son fari sai an soya shi har jan ya mutu. A tsakar gida ake yi, ba a cikin kicin ba, kada man ya wuce rabin tukunya, murfi yana kusa da hannunki, ruwa kuma yana nesa, domin ɗigo ɗaya a cikin man da ya yi wannan zafi zai fantsamo miki. Ki riƙa tsoma farar takarda. In ta fito ba ja, ki kashe wutar ki bar tukunyar a inda take ta huce, kada ki ɗaga ta. In ya kama wuta murfi za ki kifa. Idan wannan ya fi ƙarfin wurin da kike zaune, kamar gidan haya mai yara da yawa, ki sayi wanda aka riga aka tace, ko ki koma kitse.

Kitsen shanu yana yin farin sabulu mai tauri, kuma mahauta na sayar da shi da sauƙin kuɗi. Ki yanka ƙanana, ki dafa da ruwa da ɗan gishiri a wuta kaɗan har ya narke, ki tace, ki bari ya daskare. Ki ɗaga faifan kitsen ki kankare dattin ƙasansa. In har yanzu yana ƙarni ki maimaita. Man suya da aka riga aka yi ƙosai ko kifi da shi na sabulun wanki ne kawai, bayan an tace.

Mataki na 4: Lissafin soda

A nan nake so ki zauna da ni. Ga giram nawa na kostik soda, wadda ake rubutawa NaOH a jikin buhu, giram 1 na kowane mai yake ci:

Manja 0.142. Kitsen shanu 0.143. Fi-ke-o 0.176. Man kwakwa 0.183. Man gyaɗa 0.137. Man kaɗe 0.128. Man zaitun 0.135.

Waɗannan matsakaita ne, mai yakan ɗan bambanta daga wannan jarka zuwa waccan. Saboda haka ne ake rage soda kaɗan daga abin da lissafi ya bayar, don a bar rarar mai. In kika ga KOH a buhu, wannan wata soda ce ta sabulun ruwa, lambobinta daban ne.

Ga haɗinmu: manja giram 450, fi-ke-o 300, man gyaɗa 150, kaɗe 100. Jimla 1000.

450 × 0.142 = 63.9
300 × 0.176 = 52.8
150 × 0.137 = 20.6
100 × 0.128 = 12.8

In kika tara, giram 150 ke nan. Wannan ita ce sodar da za ta cinye man duka ba saura. Sai ki rage kashi 5 cikin 100, wato giram 7 da rabi, ki auna giram 142. Ruwa kuwa ninki biyu na soda, giram 285, shi ma a kan sikeli. Bayan ya bushe za ki samu sabulu 12 masu giram 100, da ɗan guntun da za ki gwada a gida.

Yanzu ki ɗauka fi-ke-o ya ƙare, kika cike gurbinsa da man gyaɗa, kika bar soda a 142. Man da ke bokitin yanzu giram 138 kawai yake iya ci. Rarar da kika bari ta tafi, ga kuma giram 4 na soda da ba su da abin ci, suna nan zaune a cikin sabulun suna jiran fatar mai saye. Abin da fi-ke-o mai gauraye ke jawowa ke nan ba tare da kin sani ba, shi ya sa na nace kan gwajin ƙanƙara.

Mu koma kan awo biyu da awo ɗaya. Masu koyar da ita kan ce a tsoma haidiromita, wato ma'aunin ƙarfin ruwan, a ruwan soda har ta nuna 1275. Ruwan da ya kai wannan lamba kashi ɗaya cikin huɗunsa soda ne, don haka lita 1 tana ɗauke da soda kimanin giram 320. Lita 2 ta mai kuwa ba kilo 2 ba ce, kimanin giram 1830 ce, don mai bai kai ruwa nauyi ba. Fi-ke-o mai wannan nauyi yana cin giram 322. Kin ga sun yi daidai. Ashe don fi-ke-o zalla aka gina ƙa'idar. Manja mai wannan nauyi giram 260 yake ci, saura 60 suna yawo. Abin da ya ƙone hannun ƙanwata ke nan. Haidiromita ƙarfin ruwan soda kawai take faɗa miki, ba ta san man da ke bokitinki ba.

In wani mai ya yanke, kitse yana maye gurbin manja giram da giram, ba sai kin taɓa soda ba, tunda lambobinsu kusan ɗaya ne. Duk wani canji ban da wannan, ki sake lissafi daga farko. In ba ki da kaɗe, ki mayar da giram 100 ɗinsa kan manja ki sake ninkawa. In ba ki da sikeli, ki kai kayanki wurin mai shagon da ke da shi a auna miki. Kada ki auna garin soda da gwangwani.

Mataki na 5: Zaɓen abin da zai riƙe ruwan soda

Abu biyu mazubin zai jure a lokaci ɗaya, zafi da ci. Da zarar soda ta shiga ruwa, ba wuta ba komai, zafinsa kan tashi ya kusa tafasa. Sannan ita kanta tana cin wasu ƙarafa da wasu robobi.

Ki kifa robar ki duba gindinta. Akwai ɗan zane mai kusurwa uku da lamba a ciki. Lamba 5, mai harufan PP, ita ce ta fi dacewa da jiƙa soda, don ta fi jure zafi. Lamba 2, mai HDPE, ita ce ta yawancin jarkoki, tana da kyau wajen haɗi da ajiye ruwan soda bayan ya huce. Lamba 1 ita ce ta gorar ruwan sha da ta lemo, kuma ita ce mafi haɗari: zafi yana lanƙwasa ta nan take, soda kuma tana cin ta a hankali har ta fashe. Robar nan mai ƙyalli garau kamar gilas, wadda in ta faɗi take tsagewa, galibi 6 ce ko 7, ita ma a bar ta.

A Kofar Wambai za ki tarar da robobi da yawa ba lamba, waɗanda aka narka tsofaffi aka sake zubawa. Suna da araha, amma ba wanda zai iya gaya miki me ke cikinsu. Ni ba na jiƙa soda a ciki. Bokitin fenti da aka wanke tas ya fi su, in da 5 ko 2 a gindinsa. Wanda ya daɗe a rana har launinsa ya koɗe yana gari-gari a hannu ya gama aiki, ko da lambarsa daidai ce.

Kowace sabuwar roba, kafin soda ta taɓa ta, nakan cika ta da tafasasshen ruwa in bar ta minti goma a kan busasshen siminti. Sai in duba ko ta yi laushi, ko ta karkace, ko gindin ya jiƙa ƙasa. In ɗaga ta da mariƙi in ji ko zai ɗauka. Gara ta ba ni kunya da ruwan zafi. Kuma kada ruwan soda ya wuce rabin jug, don a samu wurin juyawa.

Sai ƙarfe, inda aka fi yin kuskure a gidajenmu, saboda duk abin da ke ƙyalli silba muke ce masa. A cikin silbar nan akwai sitenles, wanda soda ba ta yi wa komai, akwai kuma alminiyam, wanda take cinyewa. Tukwanen da maƙera ke zubawa, da yawancin farantai da ludayan kicin masu sauƙin nauyi, alminiyam ne. In ruwan soda ya shiga ciki sai ya hau tafarfasa, tukunyar ta yi baƙi, wata iska mai kama wuta tana fita, in aka daɗe gindin ya huje. Maganaɗisu ba zai raba miki gardama ba, don ba ya kama alminiyam, kuma sitenles mai kyau ma sau da yawa ba ya kama shi. Nauyi ya fi nunawa, alminiyam ba shi da nauyi kuma ƙusa tana karce shi da sauƙi. In kina shakka, ki fita waje da safa da tabarau, ki ɗiga ruwan soda ɗigo ɗaya a bayan tukunyar. In bayan minti biyu ya fara ƙananan kumfa ya bar tabo mai duhu, ki mayar da ita kicin.

Bokitin ƙarfe na ɗiban ruwa, mai rufin zinki, shi ma soda na cin sa. Haka gwangwani, da tasar tagulla, da tukunyar da ake cewa abinci ba ya kamawa, tunda ƙarƙashin rufin alminiyam ne. Langa da sauran kwanukan fenti in sun ɗan ɓantare sai tsatsa ta shiga sabulu, tsatsa kuwa tana gaggauta ɗigon lemon nan. Kwalba da kofin gilas sukan ruɗi mutum don suna da tsabta a ido, amma zafin farat ɗaya na fasa su, soda kuma tana zaizaye su a hankali, har ranar da gindin zai zube ba gargaɗi. Ƙwarya da tukunyar ƙasa suna sha. Muciyar katako takan yi 'yan watanni sannan ta fara sakin zare-zare a cikin haɗi.

Mai zalla, wanda soda ba ta taɓa ba, za ki iya narka shi a tukunyar alminiyam in ita kike da ita. Sharaɗin shi ne ki juye shi a bokitin roba bayan ya huce, a can za a haɗu da soda, kuma cokalin da ya shiga haɗi kada ya koma tukunyar.

Mataki na 6: Mazubin sabulu da wurin shanya

Sabon haɗi yana nan da kaifinsa har kwana ɗaya zuwa biyu, don haka dokar ba ta canja ba. Akwatin katako da aka shimfiɗa wa leda mai kauri ya wadatar, kafinta zai haɗa miki da guntayen katako. Mazubin silikon ya fi sauƙin cirewa. Farantin gasa kek na alminiyam kuwa a'a, ko da kin sa leda, don leda na hujewa.

Wurin shanya ma haka. Na ga wadda ta yi komai daidai, ta jera sabulunta a kan guntun kwanon rufi, gindin kowanne ya yi tabo. Ki jera a kan katako da aka rufe da ƙyalle, ko kwandon roba, a inuwa inda iska ke wucewa, mako huɗu zuwa shida. A watan Agusta sabulu kan yi gumi saboda laima. Wannan ba lalacewa ba ce, ki goge ki ƙara masa iska, kada ki naɗe shi a leda tukuna.

Mataki na 7: Tukunyar gwaji

Duk sabuwar jarkar mai, ki fara da rabin haɗinmu: manja 225, fi-ke-o 150, man gyaɗa 75, kaɗe 50, soda 71, ruwa 142.

Ruwa ake fara zubawa a jug, sannan a barbaɗa soda a kai kaɗan-kaɗan ana juyawa. In aka juya tsarin, aka zuba ruwa a kan soda, tana iya yin tsalle ta fantsamo fuska. Ki yi a waje, ki kau da kai daga tururin. Ki bari ruwan ya washe ya huce, man ma ya sauko, har jikin jug da na bokiti su zama ɗumi-ɗumi. Sai ki tsiyaya ruwan soda cikin mai ki yi ta juyawa har ya kama jiki kamar kunu, in kin ɗiga daga cokali alamar tana zama a sama. Ki juye, ki rufe, ki yanka bayan kwana ɗaya ko biyu.

Wuƙa za ta gaya miki gaskiyar manki. In ta wuce sumul kamar a cikin cuku, lissafi ya yi. In yana farfashewa, cikinsa da fararen tsakuwoyi ko ramuka masu ruwa, soda ta yi yawa, kada ya taɓa jikin kowa. In bayan kwana uku yatsa yana lotsa shi, mai yana tsattsafowa, ko dai soda ta gaza ko ta sha iska tun a buhu. Farin gari siriri a sama kawai, kamar toka, ba komai ba ne, yana kankaruwa.

In soda ta taɓa fata, ki cire rigar da ta jiƙe ki yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 15 zuwa 20. Kada ki shafa manja ko lemon tsami ko man goge baki. In ido ne, ruwa mai gudana ido a buɗe, sannan asibiti nan take.

Mataki na 8: Ajiya

Garin soda yana jan laima daga iska. In aka bar bakin buhu a buɗe da damina sai ya dunƙule ya ƙara nauyi, ki auna 142 alhali wani kaso ruwa ne. Ki juye shi a robar lamba 2 ko 5 mai murfin murɗawa. Mai kuma a inuwa, a rufe, a kan katako, ki fara ƙarar da tsohon.

Ruwan soda da ya washe ba shi da bambanci da ruwan sha a ido, ba shi da wari, garinta kuma kamar sukari yake. Yaran da suka kurɓa daga gorar lemo ko kofin da aka ajiye a tsakar gida, maƙogwaronsu ke ƙonewa ya tsuke, wasu sai an yi musu aiki sau da yawa kafin su iya haɗiyar abinci. In hakan ta faru kada a sa yaro ya yi amai, kada a ɗura masa manja, a tafi asibiti da robar a hannu. Ni ba na jiƙa fiye da abin da zan haɗa a ranar. In kina cikin masu jiƙawa ya kwana, ki bari ya huce kafin ki rufe, ki sa a jarkar da ba ta kama da ta ruwa, ki zana mata babbar alama da jan fenti wadda ko wanda bai iya karatu ba zai gane, ki kulle ɗakin, makullin kuma yana jikinki. Jug da bokiti da cokalin ma ki ɗiga musu jan fentin, ki rataye su a ƙusar da hannun yaro bai kai ba.